Miliyan ɗaya da ta kwana shekara a banki: nawa ta rage?

Baban Walida (Tudun Wada): Assalamu alaikum jama'a. A watan Mayun 2023 na ajiye naira miliyan ɗaya a banki, ban taɓa ta ba har Mayun 2024. Jiya a majalisa wani ya rantse min cewa na yi asarar sama da kashi 200 cikin ɗari, tunda dala ta tashi daga 460 zuwa wajen 1,500. Gaskiya ne?

Nura mai waya: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne mana, Baba. Ni ma na buga a kalkuleta, kashi 226 ya ba ni.

Malam Isiyaku: Nura, in mutum ya yi asarar kashi ɗari, ai ko sisi bai rage masa ba. To kashi 226 kuma, bashi bankin ke bin sa? Abin da ka lissafa tashin dala ne, faɗuwar naira kuma lissafinta daban. Tsohon farashi za ka raba da sabo: 460 a raba da 1,500, zai ba ka kusan 0.31. Wato kowace naira ta riƙe kashi 31 na ƙarfinta a gaban dala, kashi 69 ya tafi. A da miliyan ɗaya dala 2,170 da 'yan kai ce, ta dawo dala 667.

Nura mai waya: To ai kashi 69 ɗin ma ba wasa ba ne.

Alhaji Ɗanlami (Kasuwar Barci): Malam, da girmamawa, ko 69 ɗin ban yarda ba. Wa ya taɓa samun dala a 460? Kafin Babban Banki ya saki naira a tsakiyar Yunin 2023, mu wajen 'yan canji muke saye, wajen 750. A kan wannan farashin muke sa wa atamfa da shadda kuɗi tun kafin a ce an karya naira. In Baban Walida ya ɗauki miliyan ɗinsa ya je canji a lokacin, dala 1,330 zai riƙo, ba 2,170 ba. Bayan shekara ta zama 667. Rabi ke nan ya tafi.

Malam Isiyaku: Alhaji ya yi gaskiya a nan, kuma shi ne gyaran da ya fi muhimmanci. Farashin da mutum zai iya saye da shi a ranar, da shi ake awo. Karyewar Yuni galibi farashin gwamnati ne ya taso ya tarar da na kasuwa. Wadda ta girgiza kasuwar kanta ta zo daga baya, musamman farkon 2024, har dala ta doshi 1,900 a hannun 'yan canji a Fabrairu kafin ta sauko. Shi ya sa ranar da ka zaɓa don awo ma tana canza amsa. Wanda ya auna a Fabrairu zai ce kashi 60.

Amma ina da tambaya ga Baban Walida. Me ka ajiye kuɗin domin shi?

Baban Walida: Hidimar gida ce kawai, Malam. Kuɗin haya, makarantar yara, da ko-ta-kwana.

Malam Isiyaku: To kai dala ba ma'auninka ba ce. Ba dala kake ba mai gidan haya ba. Naka ma'aunin hauhawar farashi ne. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a Mayun 2024 kaya sun fi na Mayun 2023 tsada da kashi 33.95, mu ce 34. A nan ma kada a yi saurin cewa ka yi asarar kashi 34. Abin da ake saye 100 ya koma 134, don haka miliyan ɗaya za a raba da 1.34. Zai ba ka kusan 746,000. Ma'ana miliyan ɗinka ta Mayun 2024 tana sayen abin da 746,000 ke saye a ranar da ka ajiye. Kwata ya tafi, wajen dubu ɗari biyu da hamsin.

In asusun ajiya ne kuma ba ka yawan cira ba, banki ya ɗan zuba maka kuɗin ruwa. Mafi ƙarancin da ƙa'idar Babban Banki ta sa a tsakanin nan wajen kashi 5 da rabi zuwa 8 ne. Mu ɗauka dubu 60 ya shigo: 1,060,000 a raba da 1.34, wajen 791,000. Asarar ta sauko kashi 21.

Baban Walida: Ni ba na karɓar kuɗin ruwa, asusuna ba ya bayarwa.

Malam Isiyaku: To kwata ɗin nan dai, ba ragi.

Maman Sadiya (Rigasa): Malam, ku yi haƙuri in sa baki. Wannan 34 ɗin a wace kasuwa suka je suka samo ta? Ni ke cefane a gidana. Shinkafa ta kusa ninkawa, taliya ta ninka, man gyaɗa kada ma a yi magana. Kuɗin adashen da na kwasa, abin da na yi niyyar saye rabinsa na samu.

Malam Isiyaku: Hajiya, ban musa miki ba. Adadin nan matsakaici ne na ƙasa baki ɗaya, an cakuɗa abin da ya ninka da abin da bai motsa sosai ba. Ko a wajensu na abinci shi kaɗai ya haura kashi 40 a watan. Ki ɗauki gida mai kashe dubu 100 a wata, 60 a abinci, 20 haya, 20 makaranta. In abinci ya tashi da kashi 80 ya koma 108, haya ta tsaya a 20, makaranta ta koma 24, jimilla 152. A raba 100 da 152, saura kashi 66, wato kashi ɗaya bisa uku ya tafi. Misali na kawo, kowa ya sa nasa adadin. Gidan da abinci ke cinye kusan duk abin da ya samu, asararsa za ta fi haka.

Kawu Bala (Kawo): Ni duk wannan raba-raban bai dame ni ba. Miliyan ɗaya ya ajiye, miliyan ɗaya ya tarar. In dai bankin bai yanke masa komai ba, ina asarar? Ni cajin da suke yanka a kan saƙon alat ne ke ƙona min rai.

Alhaji Ɗanlami: Kawu, tambayi masu tarin kuɗin Hajji. Kujerar 2023 ba ta kai miliyan uku ba. A 2024 aka fara da wajen miliyan 4.7 a nan arewa, sannan a watan Maris aka nemi cikon miliyan 1.9. Wanda ya tara cikakken kuɗin kujerar 2023, ko rabin ta 2024 bai kai ba. Kuma ga inda 460 ɗin nan ke da ma'ana, domin kafin a saki naira hidimar Hajji da kuɗin makarantar waje suna cikin abubuwan da ake samun dala a farashin gwamnati.

Nura mai waya: Ashe dai 69 ɗin tana da masu ita.

Malam Isiyaku: Tana da su, amma Baban Walida ba ya ciki. Kai kuma Nura, jarinka na wayoyi da caja kusan a kan rabin da Alhaji ya lissafa yake.

Maman Sadiya: Sai dai an manta abu ɗaya. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, sati biyu kafin a saki naira. Lita ta tashi daga ƙasa da 200 zuwa sama da 500. Masarar da ake kawowa daga Saminaka ba daga waje take zuwa ba, kuɗin mota ne ya ɗaga ta. Ta yaya za a ɗora wa karyewar naira kwatan nan gaba ɗaya?

Malam Isiyaku: Ba za a ɗora mata duka ba. Tun kafin a taɓa komai, hauhawar farashi tana kan kashi 22 a Mayun 2023. Da ta tsaya a nan, da miliyan ɗin ta koma wajen 820,000 ne. Tazarar 820 da 746, wato dubu 74, ita ce ƙarin da ya biyo baya, kuma mai da dala da rashin tsaro a gonaki duk suna ciki.

Alhaji Ɗanlami: A nan kam mun rabu, Malam. Man ma da dala ake shigo da shi a lokacin, taki haka, kayan gyaran mota haka. Kuma kaya ba sa gama bin dala a shekara ɗaya, mu 'yan kasuwa sai tsohon kaya ya ƙare muke sa sabon kuɗi. Ka auna har Disambar 2024 ka gani.

Baban Walida: To ni dai kwata zan rubuta. Nura, turo min yadda ake bugawa, in kai wa mutumin majalisa bayan la'asar.

Nura mai waya: `1000000 ÷ 1.34`. Amma Baba, kada ka ce masa ni ma na ce 226.