Wasiƙa ta koma Faransanci, oga bai iya ba: wa zan sa a Cc?

Assalamu alaikum. Muna sayen waken suya ta hannun wani dillali a Maraɗi. Mun fara imel da Turanci, ogana yana Cc. Dillalin ya amsa mini ni kaɗai da Hausa, har muka yi zancen ragin da zai yi mana. Yanzu ya sako mai fiton kayansa, sun koma Faransanci, oga kuma ya faɗo daga jerin. In mayar da shi ne, ko in tura masa daban?

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam. Danna Reply All kawai, kowa ya gani, ka huta.

Hajiya Mai Lissafi: A'a ɗana, Reply All ba zai kai wa oga ba. Wanda ya aiko saƙon ƙarshe da waɗanda ke To da Cc ɗinsa kaɗai yake ɗauka, shi kuwa ya riga ya fita. Kafin ka ƙara kowa, duba wutsiyar wasiƙar. A Gmail danna ɗigo ukun nan na ƙasa, tsoffin saƙonni za su bayyana. Zancen raginku na Hausa yana nan? To mai fiton ya riga ya samu, kuma kada ka ɗauka don yana rubuta Faransanci ba ya jin Hausa. A Maraɗi fa ake magana.

Ni dai ga yadda zan yi. Ka yi wa oga Forward shi kaɗai, don Forward ne ke tafiya da takardun da aka maƙala, Reply yana barin su. A sama ka rubuta masa layi uku da Turanci: me aka ce, me ake jira daga gare shi, zuwa yaushe. Sai ka buɗe sabuwar wasiƙa, dillali a To tunda shi zai aikata, oga da mai fito a Cc, kuma ka faɗi yaren da za a ci gaba da shi.

Bamaraɗe: Gaskiyar Hajiya. Kula da lambobi ma in kana taƙaita wa oga. A Faransanci 1,500 ɗaya da rabi ne. Dubu ɗaya da ɗari biyar 1 500 muke rubutawa, wasu 1.500. Kuma rubuta ko sefa ce ko naira. In ka ga TR: a kan take, turowa aka yi, ba amsa ba ce.

Ɗan Kwari: To a sa oga a Bcc mana.

Hajiya Mai Lissafi: Ranar da ya danna Reply All kowa zai gane an ɓoye shi. Na taɓa ganin haka a ofishinmu, ba daɗi.

Maman Ummi: Ni nawa ogan cewa ya yi ko da Larabci ne a bar shi a Cc, shaida yake so, ba karatu ba. Ka tambayi naka tukuna.

Mai tambaya: Na duba, Hajiya. Zancen ragin yana can ƙasa, har da farashin. Yanzu dillalin zan fara kira, ko oga?