Na ba da kaya bashi babu rubutu, yanzu mun yi rigima

Mai tambaya: Jama'a ina neman shawara. Shekarata ɗaya da buɗe shago. Akwai dattijon da yake ɗaukar katan-katan na sabulu bashi, wata uku ke nan, ban taɓa rubutawa ba saboda ina jin nauyinsa. A lissafina ya ɗauki katan 14, ya biya kuɗin 5. Shi kuma ya rantse 11 ne. Jiya har muka ɗaga wa juna murya a gaban mutane. Ina so in rubuta masa takarda, amma ban san yadda ake yi ba.

Wani maƙwabcin sana'a: Ƙanena, sayi littafin rasit ka rubuta masa 14 ɗin, ka sa kwanan watan da ya fara ɗauka. Daga yau kuma kada kaya su fita sai da takarda.

Tsohuwar akawu: Maganar maƙwabcinka ta ƙarshe daidai ce, amma ɗana kada ka ba dattijon rasit. Rasit shaida ce cewa an biya ka, gobe sai ya ɗaga maka ita. Takardar neman biya za ka rubuta, kuma da kwanan watan yau. In ka mayar da shi baya, ranar da aka gano, ko gaskiyarka ba za a saurara ba.

Fara da abin da ba ku da saɓani a kai. Ka sa mata lamba 001, sunanka da nasa, sannan katan 11, farashin kowanne, jimla. A ƙasa ka cire kuɗin katan 5 da ya biya, saura na 6, da ranar da zai biya. Farashin lokacin da ya ɗauka za ka sa, ko da kaya sun tashi. Ka saka kabon ta fito biyu, ku sa hannu, kowa ya riƙe ɗaya. Katan ukun nan kuwa kada su shiga ciki, don in ka cusa su zai ƙi sa hannu, ka rasa duka.

Wata 'yar kasuwa: Ni ma na sha irin wannan da wata mata da nake ba kaya bashi. Ashe yaron matar ne yake zuwa karɓa da sunanta, ita ba ta sani ba. Shi da kansa yake zuwa kullum?

Mai tambaya: Yaya, sau biyu ɗansa ya aiko. Mama, na kuma duba: katan 40 na saro, saura 9, na sayar da 17 kuɗi hannu. Ai 14 ke nan.

Tsohuwar akawu: Wannan ya nuna 14 sun bar shago, bai nuna hannun wa suka shiga ba. Ka je gidansa, ba a shago ba, ka ba shi haƙuri kan ɗaga murya, ka roƙe shi ya tambayi ɗan.

Mai tambaya: Na je da safe. Ya sa hannu a kan 6 ɗin, zai biya ƙarshen wata. Ɗan ya yi tafiya, sai ya dawo za a tambaye shi.