Autana ba ya tsoron kare, yaya zan koya masa?

Maman Auta, unguwar Zariya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Autana shekararsa 6. Jiya a hanyar makarantar allo na tarar ya tsuguna gaban karen gadin wani gida yana miƙa masa hannu, sai da gabana ya faɗi. Yaya zan koya masa tunkarar karen da bai sani ba, kada a cije mini shi?

Kawun yara: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki koya masa ya duƙa kamar zai ɗauki dutse, kare zai gudu. Haka muka taso.

Likitan dabbobi: Kawu, wannan dabarar ta babba ce, kuma a kan karen yawo mai tsoron mutane take ci. Yaro ɗan shekara 6 in ya duƙa, fuskarsa ta zo daidai bakin kare ke nan, shi ya sa cizon ƙananan yara ya fi yawa a fuska da wuya.

Hajiya, ki fara da abu guda: in babu mai kare a wurin, babu gaisuwa. Ɗaurarren kare kuwa ko da mai shi a bar shi, domin ba shi da hanyar kaucewa, in ya tsorata sai haƙori. Haka mai cin abinci, da mai barci, da karya mai ƴaƴa.

In mai karen yana nan ya ce an yarda, yaro ya tsaya kamar taku uku daga nesa, ya ɗan ba kare gefensa, hannuwa a sauke, kada ya zura masa ido. Kare ne zai zo, ba yaro zai je ba. In ya zo ya shinshina, jikinsa a sake, sai yaro ya shafa masa kafaɗa ko ƙirji, ya ƙirga uku a ransa, ya ɗauke hannu. Karen da ke so zai ƙara matsowa. Wanda ya kau da kai ya ce ya isa. Ban da tsakiyar kai, ban da runguma, ban da jan wutsiya.

Kuma don Allah ku daina ce wa yara kaɗa wutsiya murna ce. An taɓa kawo mini kare a duba shi bayan ya ciji wata yarinya, mai shi yana ta rantsuwa wutsiya yake kaɗawa. Da na bi diddigi, wutsiyar a miƙe take tana rawa kaɗan-kaɗan, jikin ya sandare, bakin a rufe. Wannan gargaɗi ne. Haka in yana lasar leɓe, yana hamma ba barci yake ji ba, ko farin idonsa ya bayyana.

Baban Hajiya: Ni karen maƙwabcina ya hana mu barci da haushi, wa zan kai wa ƙara?

Malamar lakwal: Baba, wannan sai mai unguwa. Likita, mu an koya mana yaro ya dunƙule hannu ya miƙa wa kare ya shinshina, na ga ba ka faɗa ba.

Likitan dabbobi: Malama, da gangan na bari. Kare yana jin warin mutum tun daga nesa, hannun da ya nufo hancinsa kuma yana iya firgita shi.

Malamar lakwal: To, ni dai ban ga ya cutar da kowa ba. Abin da na fi yi a aji shi ne wasan zama itace. Ɗaya ya zama kare yana haushi yana zagayawa, sauran su tsaya cak, hannu a ƙirji, ido a ƙasa, ba ihu, har karen ya gaji ya tafi, sannan su ja da baya a hankali. Wanda ya ruga ya faɗi wasa, don gudu ke sa kare bi. In an ka da yaro, ya dunƙule ya rufe wuya da kunnuwa da hannayensa. Faɗa da baki ba ya zama a kansu, sai an yi ta maimaitawa a tsakar gida.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, ki kuma yi masa alkawarin ba za ki doke shi ba in kare ya cije shi ko ya yakushe shi. Yara suna ɓoyewa don tsoron bulala, ciwon haukan kare kuwa in alamunsa sun fito ba ya warkewa. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai zuba har minti 15, kada a sa toka ko barkono, a kai shi asibiti a ranar don allura, ko da ciwon ƙarami ne.

Maman Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau bayan la'asar yayarsa ta zama kare, ya tsaya amma dariya ta hana shi yin shiru. Likita, shi wancan karen gadin kullum a ɗaure yake bakin ƙofa, in sauya masa hanya ne ko in yi wa mai gidan magana?