Yaro gwani ne a atisaye, ranar wasa sai amai da rawar ƙafa

Koci Ɗan Ader: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ni tela ne a nan Tawa, shekara shida ke nan ina horar da yaran unguwa da aljihuna. Ƙwallaye huɗu da muke da su ni na saya, riguna ni na ɗinka da dare bayan na rufe shago, ragar ma sai da na sayar da tsohon kekena. Ina da yaro ɗan shekara 14, lamba 9. A atisaye babu mai riƙe shi. Amma ranar wasa tun muna ɗumama jiki cikinsa ke juyawa, sau biyu ya yi amai bayan raga. In an shiga fili sai ya laɓe bayan mai tsaron baya, ba ya neman ƙwallo. Lahadin da ta wuce ya zubar da fenariti, alƙali bai gama hura usur ba ya riga ya buga. Na sa masa buri tun farkon gasa, ƙwallo goma, don ya san na yarda da shi. Wasa huɗu, ko ɗaya bai ci ba. Saura mako biyu mu buga wasan da in muka faɗi mun fita. Me zan yi masa?

Hajiya Mazo: Wa alaikumus salam. Kafin komai, me yake ci kafin wasa, kuma da ƙarfe nawa? Yana amai a ranakun da ba wasa? In akwai zazzaɓi, ko ciwon ƙirji, ko ya taɓa suma a fili, a fara kai shi likita a duba shi.

Koci Ɗan Ader: Lafiyarsa lau Hajiya. Shinkafa da wake suke ci wajen ƙarfe uku, wasa ƙarfe huɗu. Sai in dafa musu shayi mai ƙarfi don jiki ya tashi.

Hajiya Mazo: To ga rabin amanka nan. Wake da mai awa ɗaya kafin gudu, cikin zafin Tawa, bai bar ciki ba tukuna. A mayar da abincin ƙarfe ɗaya, bayan nan ruwa kaɗan-kaɗan. Shayi kuma yana ƙara bugun zuciya da rawar hannu. Yaron da gabansa ke faɗuwa tun asali, ka ƙara masa wuta ne.

Koci Ɗan Ader: Sauran goma ma suna sha, ba wanda ya yi amai.

Malam Na Wasanni: Koci, sannu da ƙoƙari. Shekaruna da yawa ina koyar da wasanni a lakkwal, kuma irin yaron nan kowace shekara sai na samu. Abu biyu ne a tare da shi, kada ka haɗa su. Akwai na jiki, wato juyawar ciki, gumin tafi, yawan fitsari. Wannan yana hawa ne daf da usur, in an fara gudu yakan sauka cikin mintunan farko. Akwai kuma na zuci, wato "in na ɓata fa?" Shi wannan gudu ba ya kore shi, kowane kuskure ma ƙara masa yake. Laɓewar da yake yi bayan mai tsaron baya ita ce ta nuna mini na biyun ne ya fi ƙarfi. Yaro ya lissafa cewa in ƙwallo ba ta zo gare shi ba, ba zai ɓata ba.

Kuma ka yi haƙuri, ƙwallo goman nan ita ce babban dutsen da ke kansa. Cin ƙwallo ba a hannunsa kaɗai yake ba, sai an ba shi, sai gola ya kasa, sai mataimakin alƙali bai ɗaga tuta ba. Da farko bashin ƙwallo goma ne a gasa guda, yanzu wasa huɗu sun tafi kuma bashin yana nan goma. Kullum ya shiga fili da wannan lissafin yake shiga.

Koci Ɗan Ader: Malam, ai ku ne kuke cewa a sa wa yaro buri mai lamba. Da na ce masa ya yi iya ƙoƙarinsa kawai, da kun ce ban iya ba.

Malam Na Wasanni: Gaskiyarka a nan. Binciken wasu masana biyu, Locke da Latham, ya nuna buri takamaimai mai ɗan wuya ya fi "yi iya ƙoƙarinka". Amma lambar a ɗora ta kan abin da yaron ke iya aikatawa da kansa. Ga yadda zan yi da a ce nawa ne. Gobe a wasan atisaye ka ba wani yaro takarda da biro, ya zauna gefe, ya ja layi duk lokacin da lamba 9 ya fito fili ya nemi ƙwallo da murya ko da hannu. A ce ka samu 12 cikin minti 30. In da ka ƙirga a wasan Lahadi, ina jin ba zai wuce 3 ba. To burinsa na wasa mai zuwa 6 ne kafin hutun rabin lokaci. Ko an ba shi ko ba a ba shi ba, layinsa ya shiga takarda. Ka ƙara masa abu ɗaya tak: in ƙwallo ta kuɓuce masa, ya bi ta da gudu daƙiƙa biyar. Amfanin wannan shi ne bayan kuskure yana da aikin yi nan take, babu lokacin tsayawa ya kalli benci. Kada ka wuce biyun nan. A hutu ka nuna masa takardar, kada ka ambaci raga ko kaɗan. In ya kai 6 wasa biyu a jere, ka ɗaga zuwa 8. In ya tsaya a 2, lambar ta yi masa yawa, ka sauko 4.

Baba Tsohon Ɗan Kokowa: Ku yaran zamani komai takarda. A nan Tawa aka fara kokowar takobi a 1975, mu da muka taso a fage mun san tsoro. Ba wanda gabansa bai faɗi ba. Ganga ake kaɗa maka, maroƙi ya kira sunan ubanka da na garinku, jini ya tafasa, ka shiga. Yaron nan zuga yake so. A yi masa kirari gaban jama'a, a ba shi rubutu ya sha, za ku ga aiki.

Malam Na Wasanni: Baba, ban musa maka ba, akwai wanda sai an tafasa shi yake wasa. Wani masani ɗan Rasha, Yuri Hanin, abin da ya gano ke nan a kan manyan ƴan wasa: kowa da ma'aunin zafin da ya fi yi masa kyau. Amma wanda ke amai tukunyarsa ta riga ta zube. Kirari gaban jama'a a wajensa ƙarin idanu ne. Koci, in kana so ka gane, kafin kowane wasa ka tambayi kowane yaro a keɓe, daga 1 zuwa 10 ina zuciyarka take, ka rubuta, bayan wasa ka rubuta yadda ya taka. Bayan wasa biyar ko shida za ka ga wa ke son ganga, wa ke son shiru. Addu'a kuwa a yi ta, ta zama cikin abin da yake yi kullum kafin shiga fili.

Baba Tsohon Ɗan Kokowa: Wasa shida? Mutum ya ce maka saura mako biyu.

Maman Abba: Ni dai maganar nan ta taɓo mini ciwo. Ɗana haka wani mai horarwa ya riƙa kiransa matsoraci gaban abokansa, ran nan har da sa shi tsallen kwaɗo don ya zubar da ƙwallo. Yaro ya dawo gida ya cusa takalmansa ƙarƙashin gado, yau shekara biyu bai taɓa su ba. Jika goma sha biyu na saye su, kuɗin adashena. Har yanzu in na share ɗakin na gan su sai raina ya ɓaci.

Ɗan Yamai: Koci ciwon ƙafa ma na iya sa yaro zubar da fenariti, ka duba ko takalmin ya matse shi. Nawa ne lambar takalminsa?

Malam Na Wasanni: Baba, mako biyu ya isa abu biyu. Na farko numfashi. Ya ja ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake a hankali yana ƙirga shida, hannu a kan ciki ya ji cikin na tasowa. Sau goma, bai kai minti biyu ba. Sakin da ya fi jan tsawo shi ne ke sassauta bugun zuciya. Inda ake kuskure shi ne a koya wa yaro ranar wasa, ko a ce masa "ja numfashi sosai", sai ya yi ta haki da ƙirji har jiri ya ɗebe shi. A yi shi kullum a atisaye bayan gudu mai ƙarfi, lokacin da zuciya ke dukan ƙirji, kuma duk yaran su yi tare don kada ya ga an ware shi. Kada ka ce masa kar ya ji tsoro. Ka ce masa faɗuwar gaban nan jiki ne ke shirin gudu.

Na biyu fenariti. Saurin bugun da ya yi gudun wurin yake, so yake abin ya wuce. Wani masani, Geir Jordet na Norway, ya bi hotunan bugun fenariti na manyan gasanni, ya ga masu rugawa da jin usur sun fi zubarwa. Ka ba shi tsari guda: ya ajiye ƙwallo da hannunsa, ya zaɓi kusurwa tun yana ja da baya, usur ya tashi, ya saki numfashi ɗaya, sannan ya taho. A ƙarshen kowane atisaye bugu ɗaya rak, ya tako daga tsakiyar fili, sauran na ihu. Bugu ashirin a jere ba mai kallo ba ya koya masa abin da ke kayar da shi.

Tambaya ɗaya, wa ke zuwa kallonsa?

Koci Ɗan Ader: Mahaifinsa na tsayawa bayan raga. Shi ya ce in bai ga amfani ba bana zai mai da shi gareji. Shi ya sa na ba yaron kyaftin, na kuma gaya masa akwai mai zuwa daga Yamai ya duba yara.

Hajiya Mazo: Haba Koci. Wannan ai shi ya kamata ka fara faɗa mana.

Malam Na Wasanni: Ka je ka sami mahaifin a gida tun kafin ranar, ka roƙe shi ya koma cikin jama'a. Kyaftin kuma ka miƙa wa wani na wasa biyu, ka gaya wa yaron dalili da bakinka.

Koci Ɗan Ader: Mahaifin ya girme ni, ba zan iya ce masa ga inda zai tsaya ba. In na karɓe kyaftin yanzu kuwa unguwa za ta ce na fid da rai da shi. Numfashin zan gwada, abincin ma zan matso da shi. Ƙwallo goman dai na riga na faɗa gaban yara, ban ga yadda zan janye ba.

Maman Abba: Shi yaron ka taɓa zaunar da shi ka tambaye shi abin da yake ji?

Baba Tsohon Ɗan Kokowa: Ka kawo mini shi ranar Juma'a bayan la'asar.