Neman kalma: me za mu kira `VIEW` da `PROCEDURE` da Hausa?

Mai koyarwa a Zariya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da SQL da Hausa a ajin yamma, kuma na maƙale a kan `VIEW`. Jiya na kira shi "kwafin tebur", sai wata ɗaliba ta tambaye ni ko kullum sai an sabunta shi. Nan na gane kalmar ce ta ɓatar da ita, domin ba bayanai ake ajiyewa ba, tambayar ake ajiyewa a ba ta suna. Ku taimaka mini da kalmar da ba za ta yaudari yara ba, har da ta `PROCEDURE`.

Ƙaramin ɗalibi: Wa alaikumus salam Malam. Ai "masu kallo" ake cewa, kamar na bidiyo.

Mai koyarwa a Zariya: Wancan daban ne ƙanina, na rumbun bayanai nake nufi.

Ɗan Kantin Kwari: Malam, ni "madubi" nake ce masa. A shagon atamfar yayana, lissafin bashin kwastomomi yana wuri uku: allon mai karɓar kuɗi, rahoton wata, da saƙon tunatarwa. Da muka fara cire kayan da aka dawo da su, na gyara biyu na manta na ukun. Wata Hajiya ta ɗauki kayan naira 150,000, ta biya 70,000, ta dawo da turmi na 20,000. Shago ya ce saura 60,000, saƙo ya ce mata 80,000. Ta zo da wayarta a hannu, ranta a ɓace. Tun ranar na haɗe su wuri ɗaya:

```sql
CREATE VIEW ragowar_bashi AS
SELECT kwastoma,
       SUM(kaya - biya - dawowa) AS saura
FROM ciniki
GROUP BY kwastoma;
```

Yanzu duka ukun daga nan suke karantawa, kuma ina ganin ya ma fi sauri tunda an riga an ajiye.

Hajiya mai rumbu: Dalilinka na ajiyewa daidai ne, ɗana. Idan tambaya ɗaya ana amfani da ita a wurare da yawa, kuma dole amsarsu ta zo ɗaya, a ba ta suna. Wadda za ka yi sau ɗaya ka wuce, bar ta. Amma batun sauri ba haka ba ne. Duk lokacin da ka kira `ragowar_bashi`, rumbun zai koma cikin `ciniki` ya sake tara lissafin daga farko. Gwada da kanka: shigar da biyan 10,000 na Hajiyar nan, ka sake dubawa, za ka ga 50,000 ba tare da ka taɓa komai ba.

Ni na fi son "taga". Madubi duk abin da ke gabansa yake nunawa, taga kuwa iyakar abin da maginin ya buɗe. Ana iya hana yaron shago ganin teburin `ciniki` gaba ɗaya, a ba shi izinin leƙawa ta taga mai nuna suna da saura kawai, ba zai ga farashin sari ba. Kuma faɗinta ba ya ƙaruwa da kansa: a MySQL da PostgreSQL, idan ka gina ta da `SELECT *` sannan ka ƙara wa tebur sabon gurbi, ba zai fito ba sai ka sake gina ta.

Mai koyarwa a Zariya: Taga ta kwanta mini, Hajiya. To `MATERIALIZED VIEW` fa? Shi kam yana ajiye amsa.

Hajiya mai rumbu: Wannan "hoton taga" ne, Malam. An leƙa an ɗauki hoto, zai zauna yadda yake har a ce `REFRESH MATERIALIZED VIEW`. Shi ne mai saurin da ɗana yake nema, amma kada a yi lissafin bashin yau da shi. PostgreSQL tana da shi, MySQL ba ta da shi.

Ɗan Kantin Kwari: Na karɓi gyara, Hajiya. `PROCEDURE` kuma ni "ɗan aike" zan ce, domin ba leƙe yake yi ba, ana danƙa masa saƙo ya je ya aikata. Ita taga ba ta karɓar saƙo. Nawa ga shi:

```sql
CALL karbi_biya(17, 10000);
```

Yana rubuta biyan kwastoma mai lamba 17, ya ƙara kuɗin a lissafin akwati, kuma na tsara shi yadda ko duka biyun su shiga ko babu wanda ya shiga.

Wata daga Maraɗi: Ɗan aike mutum ne, Yaya. Mu nan "ajiyayyen aiki" za mu fi ganewa. Kuma ni SQLite nake amfani da ita, akwai taga amma babu wannan sam, a cikin manhajar nake rubuta matakan.

Hajiya mai rumbu: "Ajiyayyen aiki" na iya sa a ɗauka aikin da aka jingine ne ba a gama ba. Shi ne kawai tsorona.

Mai koyarwa a Zariya: Na ɗauki taga da hoton taga. Sauran biyun zan kai su aji ranar Litinin, in rubuta `CALL` a allo, in ji wanne yaran za su maimaita daidai.