Neman shawara: Ɗora farantan sola takwas a kan rufin kwano mai shekara 12

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ina shirin ɗora farantan sola takwas masu wat 550 a kan rufin gidana, wanda kwano ne a kan katako, kuma ya kai shekara 12. Mai aikin ya ce zai ɗaure ƙarafan a jikin kwanon kawai, ya huda shi ya zura wayar ta cikin silin. Hankalina bai kwanta ba. Shin rufin zai ɗauka, kuma me ya kamata in duba kafin a fara?

Wani kafinta:
Wa alaikumus salam. Malam, batun nauyi kada ya dame ka. Rufin da ƙarti uku suke hawa su yi aiki a kansa, faranti takwas ba za su karya shi ba. Ka dai sa a shafe duk inda aka huda da silikon saboda yoyo.

Wani injiniyan gini:
Maganar kafinta game da nauyi tana da gaskiya, amma ba nan haɗarin yake ba. Faranti mai wat 550 yakan kai kilo 27 ko 28, tsawonsa ya ɗan haura mita biyu, faɗinsa ya ɗan haura mita ɗaya. Takwas tare da ƙarafansu za su kai wajen kilo 260, wanda idan aka baza shi bai wuce kilo 13 a kan kowace murabba'in mita ba. Katako mai lafiya zai ɗauki wannan. Sai dai ƙartin da aka ambata suna sauka da yamma, shi kuwa wannan kaya zai zauna shekara ashirin ko fiye, don haka lafiyar katakon ce abin tambaya.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne iska, domin idan ta ratsa saman rufi ba danna shi take yi ba, tsotso shi take yi sama. Iskar hadari mai gudun kilomita 108 a awa tana iya jan kusan kilo 55 a kan kowace murabba'in mita, wato wajen kilo 140 a kan faranti guda, ninki biyar na nauyinsa. A bakin rufi, da kusurwa, da ƙololuwa, jan yana iya ninka haka ko ya wuce. Kwanon da sau da yawa kaurinsa bai kai rabin milimita ba, ba zai riƙe sukuru a irin wannan fizga ba. Ramin zai yi ta faɗaɗa a hankali duk lokacin da iska ta kaɗa, har ranar da zai yage.

Don haka kowace ƙafar ƙarfe sai ta ratsa kwanon ta shiga katako. A ce an jera hudu-huɗu a layi biyu, kowane layi da doguwar ƙarfe biyu, kowace da ƙafa biyar: ƙafa ashirin ke nan, kowacce tana ɗauke da jan kusan kilo 60 ko da a tsakiyar rufi ne. Daga ƙafar, jan zai wuce zuwa katakon gicciyen da aka buga kwano a kai, daga nan zuwa rafta, daga rafta zuwa bango. Duk inda ya fi rauni a wannan jeri, nan zai saki.

Ka shiga cikin silin da tocila da sukurudireba kafin a sayi ko noti ɗaya. Ka caki katakon a wurare da yawa, musamman inda ya hau bango. Idan ƙarfen ya nutse ba wahala, ko gari yana zuba, ko ka ga hanyar gara, a canza shi. Baƙin tabo alamar tsohon yoyo ne. Ka duba mahaɗar katakon gicciye da rafta: idan ƙusa ɗaya ce aka buga daga sama, a ƙara mata langalanga ko sukuru, domin ƙusa mai santsi zarewa take yi idan aka ja ta ta hanyar da ta shiga. Sannan ka ga yadda aka ɗaure rafta da bango, ko da rodi ko langalanga da suka kama linta, ko kuwa ajiye shi kawai aka yi.

Wata 'yar'uwa:
Injiniya, wannan magana ta ƙarshe ita ce ta same mu. Namu an ɗaure su a katako yadda ya kamata, amma mai aikin ya ɗaga bayansu da ƙarfen walda wai don su fuskanci rana sosai, kuma a daf da bakin rufi. Da hadarin farkon damina ya taso, ba farantan kaɗai suka tafi ba, da kwano biyar da katakonsu suka tashi, ruwa ya zuba mana a ɗaki cikin dare. Har yau ina jin ƙarar a kunnena.

Wani matashi:
Ni a ganina inbatar ya kamata a fara dubawa, domin idan ƙarama ce ba za ta ɗauki faranti takwas ba.

Mai tambaya:
Ƙanina, inbatar ta isa, ɗaukar rufi nake nufi. Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Injiniya, nawa ya kamata a bari daga baki?

Injiniyan gini:
Faɗin yankin da iska ta fi ƙarfi ya danganta da tsawon ginin da girmansa da gangaren rufin. Ni a gida mai hawa ɗaya ba na son ƙasa da rabin mita daga baki da ƙololuwa, a kusurwa kuma mita guda idan da fili. Su kwanta daidai da gangaren rufin, da tazarar kusan santimita 10 a ƙarƙashi don iska ta sanyaya su. Idan bene ne, ko gida a fili fetal ba abin da ya kare shi, a kira wanda zai zo ya auna ya yi lissafi.

Wani mai haɗa sola:
Ina da ɗan ja a kan kwantar da su. Rufin da ya kusa zama shimfiɗe yana tara ƙura, ruwan sama kuma ba ya wanke gilashin sosai, shi ya sa nake ɗan ɗaga su idan katakon ya yarda. Na san injiniya ba zai so ba.

Game da waya kuwa, kada ka amince da hudar nan yadda aka faɗa maka. Kowane faranti yana ba da kusan bolt 50 idan ba a jan wuta, takwas a jere kusan bolt 400 ke nan, kuma muddin akwai rana ba makunnin da zai kashe wannan wuta a kan rufi. Wuta ce mai tafiya hanya guda, idan ta fara tartsatsi ba ta saurin mutuwa da kanta. Bakin kwanon da aka huda kaifi ne da shi, iska na motsa wayar yana cin robarta, ƙarƙashinsa kuma busasshen katako ne da silin.

A yi amfani da wayar sola ta ainihi mai riga biyu, mai kaurin murabba'in milimita 4 ko 6 gwargwadon nisa, a maƙale ta a jikin ƙarafa yadda ba za ta taɓa kwano ba. Igiyar roba fara tana rubewa a rana, a nemi maƙalin ƙarfe. Mahaɗan wayar da ake kira MC4 su zama na kamfani ɗaya, a matse su da abin matsarsu, kada su kwanta a kwarin da ruwa ke bi. Wayoyi biyun da suka fito daga farantan su tafi kafaɗa da kafaɗa cikin fayif, su zagayo ta bakin rufi su sauko ta bango, a ɗan lanƙwasa su ƙasa kafin su shiga don ruwa ya ɗige a waje. A haɗa ƙarafan da wayar atin, a sa makunnin da aka ƙera don wutar sola kusa da inbata.

Kafinta:
Na karɓi gyara a kan iska. Abin da zan ƙara, a huda kan tudun kwano ba kwarinsa ba, da sukuru mai zoben roba, kuma mai hawa ya taka kan layin ƙusa. Silikon da na ce kuwa, ƙari ne a kan robar, shi kaɗai rana tana tsattsage shi.

Mai tambaya:
Na shiga silin ɗazu. Rafta biyu na ɓangaren gabas gara ta taɓa su, sauran sun yi tauri, amma ban ga abin da ya ɗaure su da bango ba sai siminti da aka liƙe. Na dakatar da mai aikin. Injiniya, za a iya sa ɗaurin ba tare da an kware kwanon ba?

Injiniyan gini:
Sau da yawa ana iya yi daga ciki, a kafe langalanga a jikin linta da noti a naɗe ta a kan rafta. Sai dai fa idan akwai lintar a wurin. Idan bulo ne zalla har sama, sai an ga bangon da ido kafin a ce komai.