Giɓin shekara biyu a takardar neman aiki: abin da muka tsayar

Wata ƙanwarmu ce ta kawo maganar. Ta bar aikin akanta a watan Maris 2021 don jinyar mahaifiyarta, ba ta sake neman aiki ba sai Yuni 2023, kuma tana tsoron mai tantancewa zai rage mata maki saboda watanni ashirin da bakwai ɗin nan.

Wani ya ce ta goge watanni ta bar shekaru kawai. Yawancinmu ba mu yarda ba. Wannan dabara tana rufe giɓin wata biyar ko shida, amma daga 2021 zuwa 2023 ko makaho ya shafa zai ji. Ga shi kuma fom ɗin intanet yakan tilasta a sa wata. Ƙara wa tsohon aiki tsawo kuwa ya fi muni, domin ana kiran tsohon wurin aiki a tabbatar da kwanan wata, kuma ƙaryar na iya jawo kora ko bayan an ɗauke ta.

Wata mai aikin ɗaukar ma'aikata ta ce giɓin da ba bayani ne ke cutarwa, don mai karatu zai cike shi da zato. Shawararta ita ce ƙanwar tamu ta ba giɓin layinsa a jerin ayyuka: "Hutun jinyar iyali, Maris 2021 zuwa Mayu 2023; ya ƙare." Kada ta faɗi ciwon, ba huruminsu ba ne.

Da aka tambayi ƙanwar tamu, ashe a lokacin ita ke riƙe littafin kuɗin shagon yayanta. Wannan aiki ne! Ta rubuta shi a ƙarƙashin layin, amma sai in yayan zai amsa waya ya shaida.